Sun ce sun gane, amma ta yaya zan tabbatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma ajina ya kusa mutum hamsin. Kullum na gama darasi in tambaye su "kun gane?", sai su amsa baki ɗaya "mun gane". Amma da an yi jarrabawa sai in ga abin ba haka yake ba. Wace hanya mai sauƙi zan bi in riƙa jin gaskiya daga bakinsu, in san ko darasin ya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ta farko ita ce ki ajiye tambayar nan ta "kun gane?" gaba ɗaya. Ɗalibanki ba ƙarya suke miki ba. Wanda ya zauna yana kallon ki kina warware lissafi a kan allo, mataki bayan mataki, komai yana tafiya sumul, har cikin ransa yana jin ya gane. Sai an ba shi alƙalami an ce ya yi da kansa sannan zai ga inda ya tsaya. Ga kuma kunya, ga girmama malami, ga tsoron kada abokai su yi dariya. Waɗanda suka gane ɗin su ne suka fi ɗaga murya, sai muryar mutum goma ta rufe shirun mutum talatin.

An ma gwada wannan a aikace. A shekarar 2019, Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun wallafa wani bincike da suka yi a ajin fiziks. Sun raba ɗalibai gida biyu: wasu aka yi musu lacca mai tsari daga ƙwararren malami, wasu kuma aka sa su yi ta fama da tambayoyi da kansu kafin a yi musu bayani. Masu sauraren lacca su ne suka fi cewa sun ƙaru, amma da aka yi gwaji, masu faman nan ne suka fi cin maki. Wato abin da ɗalibi yake ji a ransa daban, abin da ya iya daban. Saboda haka ki riƙa raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko: sun iya abin da na koyar? Wannan ba a tambayarta da baki, sai dai a sa su nuna. Ta biyu: yaya suka ji salon koyarwata? Wannan kam bakinsu ne kawai zai faɗa miki. Zan fi daɗewa a kan ta farko, don a nan matsalarki take.

Aikin yana farawa tun kafin ki shiga aji. Ki rubuta wa kanki jimla ɗaya: idan aka tashi, me nake so kowane ɗalibi ya iya yi wanda bai iya ba da safe? "Su fahimci darasin" ba amsa ba ce, don ba ki da hanyar ganin fahimta da ido. Amma "su iya tara rabi da sulusi, da duk irin lambobin nan masu sama da ƙasa idan lambobin ƙasan ba ɗaya ba ne" abu ne da za a iya gani a takarda. Bari mu riƙe wannan darasin ya zama misalinmu har ƙarshe, mu ce ajin mutum 48 ne, darasin kuma minti 40.

Abin da kike buƙata na farko shi ne tambaya guda ɗaya tak, wadda za ki jefa a tsakiyar darasi, wajen minti na 20, bayan kin gama bayani kafin ki ba su aikin yi. Ki ba ta amsoshi huɗu su zaɓa. Gwanintar tana cikin amsoshin da ba daidai ba: kowacce ta kasance amsar da mai wani kuskure na musamman zai samu. Ki rubuta a allo 1/2 + 1/3, sannan ki jera A: 2/5, B: 5/6, C: 2/6, D: 1/6. Amsar daidai B ce. Wanda ya zaɓi A ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi. Wanda ya zaɓi C ya ji maganarki rabi: ya gano cewa lambar ƙasa za ta koma 6, amma ya bar na sama yadda suke ya tara su. Wanda ya zaɓi D ya rikita tarawa da ninkawa. Kin ga da kallo ɗaya za ki san yawan waɗanda suka kuskure, ki kuma san ta inda kowa ya kauce. Da kin cika wuraren da lambobin da kika ga dama, kamar 7/9, ba wanda zai zaɓe su, kuma ba abin da za su gaya miki.

Dole kowa ya amsa, kuma a lokaci ɗaya. Ki sa kowane ɗalibi ya naɗe farar takarda gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe, ɗaya a kowane gida, ya ajiye ta a cikin littafinsa don za ta yi masa zango guda. Idan akwai ƙananan alluna da za su rubuta amsa su ɗaga, ya fi kyau. Idan babu ko ɗaya, yatsu sun isa: ɗaya A, biyu B, haka har huɗu, amma su ɗora hannun a ƙirji, kada su ɗaga sama, don na baya kada ya kwaikwayi na gaba. Ki ba su minti ɗaya cur ba magana, sannan ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, su nuna tare. Wanda ya yi jinkiri yana waige-waige, ki sa shi a lissafin waɗanda ba su tabbata ba, ko da daga baya ya ɗaga B.

A ce kin duba kin ga B wajen mutum 21, A 17, C 8, D 2. Ba sai kin ƙirga daidai ba, ido zai nuna miki cewa masu daidai ba su kai rabi ba. Ki tuna kuma da zaɓi huɗu, ko canki-canka kowa ya yi, wajen mutum 12 cikin 48 za su faɗa kan B. Saboda haka 21 ɗin nan bai kai yadda yake a ido ba.

To, sai me? Nan ne malamai da yawa suke ɓata aikin: su karɓi bayanin, su ce "amsar B ce", su wuce. Ki yanke shawara tun a gida kan abin da za ki yi da kowane sakamako. Ni ga yadda nake yi. Idan kusan kowa ya samu, misali mutum 40 ko fiye cikin 48, sai in sa ɗaya ya faɗi dalili a taƙaice, in ci gaba, in riƙe sunayen 'yan kaɗan ɗin da suka kuskure don in leƙa su lokacin aikin aji. Idan masu daidai ba su kai sulusi ba, bayanina ne bai shiga ba, sai in sake shi ta wata hanya dabam, don maimaita kalmomin farko da ƙarfi ba ya ƙara komai. Idan kuma aji ya rabu, kamar namu, ba na faɗin amsa. Sai in ce kowa ya nemi na kusa da shi da ya zaɓi wani abu dabam, ya yi ƙoƙarin shawo kansa cikin minti biyu, sannan a sake ɗagawa. Wannan dabarar Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya yi fice da ita tun farkon shekarun 1990, kuma tana aiki a ƙananan azuzuwa ma. Amfaninta gare ki shi ne cikin minti biyun nan za ki zaga ki saurara. Za ki ji wani yana cewa, "Ai ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar, me ya rage?" Wannan jimlar ta fi miki makin jarrabawa amfani, don ta nuna miki yaron yana kallon 1/2 a matsayin lambobi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, bai ɗauke ta adadi guda ba.

A ce an sake ɗagawa, B ta koma 36, A 7, C 5. Abin farin ciki ne, amma kada ki saki jiki tukuna. Cikin mutum 15 da suka sauya, wasu hujja ce ta gamsar da su, wasu kuwa sun ga wanda aka sani da ƙoƙari ya riƙe B ne suka bi shi. Hanya ta biyu ce za ta tace miki su.

Idan saura minti biyar a tashi, ki raba musu 'yan guntayen takardu, kwatan shafi ya isa. Minti biyar na gaske nake nufi, don idan kika bari sai an buga ƙararrawa, abin da za ki samu rubutun gaggawa ne na mai son fita. Abu biyu za su rubuta. Na ɗaya, sabon lissafi irin na ɗazu amma da wasu lambobi, kuma ba zaɓi: 1/4 + 2/3, su nuna yadda suka yi. Na biyu, amsar wannan tambaya: "Wane wuri ne ya fi ɗaure maka kai a darasin yau?" Ki lura da yadda aka gina ta. Ba a ce "akwai abin da ba ka gane ba?", don amsar wannan kullum "babu" ce. An ɗauka tun farko cewa kowa yana da wurin da ya fi masa duhu, ko da ya gane sauran, sai faɗinsa ya daina zama abin kunya. Frederick Mosteller, masanin ƙididdiga, ya yi rubutu kan wannan tambaya a 1989 bayan ya yi amfani da ita a ajinsa, kuma har yau ban ga tambaya mai arha da ta fi ta kawo bayani ba. Ki tsaya a bakin ƙofa ki karɓa, kowa ya miƙa tasa kafin ya fita.

Kada ki yi wa takardun nan maki, kada ki yi musu jan biro. Da zarar sun ga maki ya shigo, sai satar amsa ta shigo, wanda bai gane ba ya ɓoye. Kuma aikin zai yi miki yawa ki watsar cikin mako biyu. Ki zauna kawai ki kasa su bisa ga amsar da aka samu, minti goma sun isa. A ajinmu, a ce masu 11/12, wato daidai, sun zama 29. Masu 3/7, waɗanda har yanzu suke tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, su 9. Masu 3/12, da suka gyara ƙasa suka manta sama, su 7. Takardu 3 kuma babu komai ko an fara an tsaya.

Yanzu ki karanta abin da lambobin suke faɗa. Ɗazu 36 suka ɗaga B, yanzu 29 suka iya da kansu, wato wajen mutum bakwai rakiya suka yi. Mutum 19 cikin 48 ba su kai inda kike so ba, kuma darasin gobe a kan na yau zai hau. Hukuncina a nan shi ne darasin ya yi aiki ga mafi yawa, amma bai isa a wuce ba. Sai ki juya ga tambaya ta biyu da ke kan takardun. Wasu za su rubuta "ba komai", wasu "duka". Waɗannan ba su da amfani sosai, kuma a makonnin farko su za su fi yawa, har sai kin nuna musu misalin amsa mai kyau. Amma za ki tarar da takardu shida ko bakwai suna faɗin abu ɗaya da kalmomi dabam-dabam: "Ban san me ya sa ake canza lambar sama ba." Abin lura, wasu daga cikin masu wannan ƙorafi suna cikin 29 ɗin da suka samu daidai. Sun haddace matakan, ba su san dalilinsu ba, kuma irinsu ne suke rushewa a jarrabawa bayan wata guda.

Kashegari ki buɗe darasi da abin da suka rubuta. Ki ce musu, "Na karanta takardunku, da yawanku kun tambayi dalilin canza lambar sama, da shi za mu fara." Ba sai kin kira sunan kowa ba. Ga masu tara ƙasa da ƙasa, tambaya ɗaya tana warware musu: 2/5 ya kai rabi? Bai kai ba. To ta yaya za ka ɗauki rabi, ka ƙara masa wani abu, ka samu abin da bai kai rabi ba? Ki bar su su yi shiru da wannan na ɗan lokaci. Sannan ki zana dogon layi a allo ki raba shi gida shida, ki nuna rabi ya cinye gida uku, sulusi ya cinye gida biyu, jimla biyar cikin shida. Nan masu 3/12 za su ga da idonsu cewa idan gidajen suka ƙanƙance, dole yawan waɗanda aka ɗauka ya ƙaru. Minti takwas zuwa goma ke nan. Wannan komawar da kike yi musu ita ce take sa su ci gaba da rubuta gaskiya. Idan suka rubuta sau uku ba su ga an taɓa maganar ba, a na huɗu "ba komai" za ki tara.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: a rubuta suna ko kada a rubuta? Ya danganta da abin da kike nema. Idan kina son sanin wa za ki taimaka wa, sai da suna, kuma ki gaya musu a fili cewa ba maki. Idan aji sabo ne, ba su saba da ke ba, ki fara ba suna na 'yan makonni har su ga ba a hukunta kowa. Takardu ukun nan da aka bari fayau su suka fi damuna a kowane aji, don mai su yakan kasance ya ɓace tun darussan baya, ko karatun tambayar ma yana ba shi wuya. Irin wannan sai an zauna da shi shi kaɗai.

Duk abin da na faɗa yana auna abin da ke kansu a ranar ne. Abin da aka iya minti biyar bayan bayani yana iya gushewa kafin mako ya zagayo. Don haka bayan kwana uku zuwa bakwai, ba tare da sanarwa ba, ki sa tambaya ɗaya a farkon darasi, littattafai a rufe, kuma ki sauya mata kama: "An karanta rabin littafi jiya, yau an karanta kashi ɗaya cikin biyar na littafin. Kashi nawa aka karanta?" Amsar 7/10 ce. Idan masu daidai sun yi kusa da adadin ranar farko ko sun fi, darasin ya zauna. Idan sun zube zuwa 15, matakai aka haddace. A wurina wannan gwajin na bayan kwanaki shi ne alƙali na gaskiya. Akwai kuma ɗaya gefen da ake mantawa: idan kina zargin sun riga sun san abin, ki yi tambayar tun kafin ki fara koyarwa. Idan mutum 35 sun amsa daidai kafin ki buɗe baki, samun 38 a ƙarshe ba shaidar nasarar darasi ba ce.

Idan darasinki ba lissafi ba ne, tsarin bai canza ba, tambayar ce take canzawa. A tarihi ko adabi, ki ce su rubuta babban dalilin abin da ya faru cikin jimla ɗaya da kalmominsu. A nahawu, su ƙirƙiro misali nasu wanda ba ki bayar ba. A aikin hannu, su yi matakin a gabanki. Abin gudu shi ne tambayar da za a iya amsawa ta hanyar kwafe abin da ke kan allo. Idan kuma ƙanana ne ko manyan da rubutu bai zauna musu ba, yatsu da zane sun wadatar, sai ki ƙara da tambayar baki. A nan ki daina kiran masu ɗaga hannu kaɗai. Ki rubuta sunaye a 'yan takardu ki riƙa zaro ɗaya, ki yi tambayar kafin ki kira sunan don kowa ya yi tunani, sannan ki jira. Mary Budd Rowe, masaniyar harkar koyarwa, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira wajen daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ki ƙirga a zuci, don daƙiƙa uku a gaban aji mai shiru suna da tsawo.

Saura ra'ayinsu kan salon koyarwarki. Wannan ba na kullum ba ne, sau ɗaya a mako huɗu ko biyar ya isa, kuma ba suna ko kaɗan. Kada ki tambayi "kuna jin daɗin darasina?" Ki tambayi abin da za ki iya gyarawa: wane abu nake yi da yake taimaka maka ka gane, wane abu ne yake hana ka? Za ki sha mamakin ƙanƙantar abubuwan da za su fito: kina goge allo kafin su gama kwafa, na baya ba sa jin muryarki idan kin juya kina rubutu, misali ɗaya kike bayarwa ki wuce. A kan irin waɗannan, maganarsu hujja ce, don su ke zaune a wurin. Amma idan suka ce tambayoyin sun yi yawa, gara ki riƙa yin bayani kawai, ki saurara da mutunci, ki duba sakamakon takardunsu kafin ki sauya, don wahalar da suke kuka da ita tana iya zama ita ce take koya musu. Takarda ɗaya mai zafi kada ta hana ki barci. Abin da mutum biyar ko fiye suka maimaita shi za ki ɗauka, ki dawo ki gaya musu guda ɗaya da za ki canza, da guda ɗaya da ba za ki canza ba tare da dalilinki.

Kada ki ɗauki duka a mako ɗaya. Ki zaɓi aji guda, ki fara da 'yar takardar ƙarshen darasi sau biyu a mako, a ranakun da kika koyar da abin da darasi na gaba zai dogara a kansa. Amsoshin kuskure da za ki tara daga takardun nan ki riƙa rubuta su a bayan littafin shirin darasinki, don su ne za su zama A, C da D na tambayar tsakiyar darasi idan kika zo koyar da wannan batu ga aji na gaba.